Malamaina biyu sun saɓa a kan ibid., ga ranar kare kundi ta matso

Assalamu alaikum Anti. Ina digiri na biyu a fannin tarihi, kundina a kan fataucin goro ne, kuma saura wata ɗaya in kare shi a sashe. Babban malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku ya cika shi da jan biro. Ya zagaye ibid. da yawa, a gefen ɗaya har ya rubuta yana tambaya ko ni na karanta littattafan da kaina. Wallahi ni na karanta, kuma maganar ta yi mini zafi har na kasa komawa ofishinsa. Malama ta biyu kuma ta ce in cire ibid. gaba ɗaya, wai an daina yayinsa, alhali babban malamin ne ya ce in riƙa sa shi tun farko. Ta kuma ce ban iya amfani da et al. da cf. ba. Gaskiya a kundin wata da ta riga ni gamawa na kwaikwayi yadda ake sa su, ban san ma'anarsu ba. Bayan gyaran farko na yi ta matsar da sakin layi daga nan zuwa can. Ƙawata ta ce in mai da komai salon APA in huta. Wa zan bi a cikinsu?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin a cikin wasiƙarki kin riga kin faɗi abin da ya jawo jan biron ba tare da kin lura ba, wato matsar da sakin layin nan. Ina kyautata zaton shi ne ya lalata miki ibid. ɗinki, kuma in haka ne, gyaran aikin 'yan kwanaki ne, bai kai a fasa ranar kare kundi ba.

Ibid. gajeren rubutun kalmar Latin ce, ibidem, ma'anarta "a wannan wuri dai". Ba ta ɗauke da sunan marubuci ko na littafi. Abin da take cewa kawai shi ne: koma bayanin ƙasan shafi da ke bisa da ni kai tsaye, madogararmu ɗaya. In kin rubuta ta ita kaɗai, kina nufin littafi ɗaya, shafi ɗaya. In kin bi ta da lamba, kina nufin littafi ɗaya amma wani shafin. Waɗanda suka yi karatu da Larabci sun san irinta, inda ake rubuta "almarji'u nafsuhu". Kamar kwatancen gida ne, ki ce wa baƙo "gidan da ke jikin na liman". Kwatancen yana aiki har ranar da wani ya gina gida a tsakaninsu, daga nan sai baƙo ya yi sallama a ƙofar da ba ita ba.

Mu ƙaddara a rubutunki na farko kina da waɗannan bayanai uku, da sunayen misali kawai:

```
12. Audu, Fataucin Goro, 45.
13. Ibid., 47.
14. Ibid.
```

A nan komai daidai ne. Na 13 yana nufin Audu shafi na 47, na 14 ma Audu shafi na 47. To sai kika ɗauko wani sakin layi daga ƙarshen babin kika sa shi bayan na 12, kuma yana ɗauke da nasa bayanin, na wata maƙala ta Bala. Manhajar Word za ta sake jera miki lambobi da kanta, shi ya sa ido ba ya ganin an taɓa komai:

```
12. Audu, Fataucin Goro, 45.
13. Bala, "Ayarin Gwanja," 102.
14. Ibid., 47.
15. Ibid.
```

Lambobi sun gyaru, amma Word ba ta san abin da ibid. ke nufi ba, rubutu ne kawai a wurinta. Yanzu na 14 da na 15 suna cewa maganar daga maƙalar Bala take, shafi na 47. In maƙalar ta fara a shafi na 95 na mujallar ta ƙare a na 120, kin ga kin jingina magana ga shafin da babu shi a cikinta. Kuma ɓarnar iri biyu ce, domin can inda kika ciro sakin layin, in akwai ibid. da ke dogare da Bala, shi ma yanzu ya koma yana nuna wani daban.

Ki sa kanki a kujerar malamin naki. Mutum ne da wataƙila ya san maƙalar nan ciki da bai. Ya ga an ɗora wa mai ita maganar da bai faɗa ba, a shafin da bai rubuta ba, ba sau ɗaya ba. Irin wannan alama ita ce ake gani a aikin ɗalibin da ya kwaso sakin layi daga kundin wani har da bayanan ƙasansa, domin ibid. ɗin da aka kwaso yana isowa ba tare da abin da yake dogare da shi ba. Saboda haka tambayar da ya yi ba daga sama ta faɗo ba. Ban ce lafazinta ya yi daɗi ba, kuma da ya kira ki ya tambaye ki baki da baki da ya fi. Amma ki lura tambaya ya yi, bai yanke hukunci ba, bai kuma kai maganar gaba ba. Gara a ce shi ya gani yanzu da a ce mai jarrabawa na waje ne ya gani ranar da kike tsaye gaban kwamiti. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ƙauracewar da kika yi wa ofishinsa. Ke kin san ciwon maganar ne ya hana ki, shi kuwa yana iya ɗaukar shirun a matsayin amsa.

Ita ma Malama ba ta yi kuskure ba. Littafin ƙa'idojin rubutu na Chicago, wanda masu tarihi suka fi bi wajen bayanan ƙasan shafi, tun bugunsa na 17 da ya fito a 2017 ya karkata ga barin ibid., ya fifita a maimaita gajeren bayani, wato sunan marubuci da shafi, ko a haɗa da gajeren sunan littafin. Bai haramta ta ba, ya dai daina ƙarfafa ta. Salon APA da na MLA kuwa ba sa amfani da ita sam. A ɗaya ɓangaren, salon OSCOLA na masu karatun shari'a, a bugunsa na 4 na 2012, ya riƙe ta, ya ma rubuta ta da ƙaramin baƙi ba ɗigo. Malaminki ya taso a zamanin da ake buga kundi da tafireta, lokacin da ibid. ke rage wa mai bugu wahalar maimaita dogon suna, kuma ba a cika matsar da sakin layi bayan an buga ba. Kowannensu yana magana ne daga tsarin da ya sani. Ke ce kawai bai kamata ki zama alƙali a tsakaninsu ba, kuma kada ki kuskura ki je wa ɗaya da "ai Malama ta ce" ko "ai Malam ya ce". Ɗalibin da ya zama ɗan aike tsakanin malamai biyu shi ke kwana a ciki.

Alƙalin shi ne takardar ƙa'idar rubuta kundi ta sashenku ko ta makarantar karatun gaba da digiri. Ki neme ta gobe wajen mai kula da ɗaliban digiri na biyu, ki ga wane salo aka ambata da wane bugu. In ta fayyace, magana ta ƙare, kuma kowa zai bi ba tare da wani ya ji an kayar da shi ba. In ta yi shiru a kan ibid., bisa al'ada maganar babban mai duba aiki ce ke gaba, sai ki sanar da Malama cikin ladabi cewa ga abin da aka tsayar.

Ko me aka tsayar, aikin da ke gabanki iri ɗaya ne, kuma ina so ki fara shi yau. Ki adana kwafin babin da wani suna daban don kada ki taɓa na asali. Ki danna Ctrl+F ki nemi Ibid, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowanne, kada ki dubi bayanin da ke bisansa, domin shi ne abin da ba ki amince da shi ba yanzu. Ki dubi jimlar da ke cikin rubutun, ki tambayi kanki daga ina kika samo ta, ki buɗe littafin ko takardun da kika yi rubutu a kansu lokacin karatu, ki ga maganar da idonki a shafin, sannan ki goge ibid. ki rubuta gajeren bayani, misali Audu, Fataucin Goro, 47. In kina da tsohon kwafin babin na kafin gyaran farko, a imel ko a waya, shi zai fi rage miki aiki, tunda a cikinsa kowace ibid. tana nan a mazauninta na asali.

Akwai wuraren da kuskuren ke tona kansa, ki fara da su. Ibid. da ta zo a bayani na farko na babi abin tuhuma ce. Haka wadda ta biyo bayan bayani mai ɗauke da littattafai biyu ko uku, domin mai karatu ba zai san wanne ake nufi ba, kuma ƙa'ida ta hana sa ta a irin wannan wuri ko da ba a matsar da komai ba. Sai wadda ta biyo bayan hira da kika yi da wani dattijo amma tana ɗauke da lambar shafi, alhali hira ba ta da shafi. In kuma kin ga op. cit. ko loc. cit. a cikin abin da kika kwaikwaya, ki yi musu irin wannan aiki. Ta farko tana nufin "a aikin da aka ambata", ta biyu "a wurin da aka ambata", kuma sun fi ibid. wahalar da mai karatu, tunda sai ya koma baya shafuka yana neman inda aka fara ambata, ga ruɗani in marubucin yana da littafi fiye da ɗaya a kundin. Chicago ya daɗe da barin su.

Da zarar kowane bayani ya tsaya da ƙafarsa, kin tsira ta kowace fuska. In an ce ba ibid., kin gama. In Malam ya dage a kanta, sai ki bari har an kammala duk gyare-gyare, ba sauran matsar da komai, sannan a daren ƙarshe ki bi ki mai da gajeren bayani ibid. a duk inda madogara ɗaya ta zo sau biyu a jere. Daga gajeren bayani zuwa ibid. aikin awa ɗaya ko biyu ne, akasin haka ne mai cin kwanaki. A ganina, in an bar miki zaɓi, ki bar ta. Bayan kare kundi za a ba ki wasu gyare-gyaren, kuma kowane gyara wata dama ce ta sake ɓallewar sarƙar.

Batun et al. ya fi sauƙi. Asalinta et alii, wato "da wasu", kuma masu rubuta kundi da Hausa ma haka suke sawa, wane da wasu. Et cikakkiyar kalma ce mai nufin "da", don haka ba ta ɗaukar ɗigo. Al. ce aka gajarta, ita ke da ɗigo. Saboda haka et al. ne daidai, ba et. al ba, ba etal ba, kuma wannan al. ɗin ba ta da dangantaka da ta Larabci. Mutane kawai take wakilta, ba kaya ko garuruwa ba, wannan aikin etc. ne. Sunan da ke gabanta shi ne na farko kamar yadda yake a jikin aikin, ba na wanda ya fi shahara ko ya fi girman muƙami ba. Ba a sa ta in marubutan biyu ne, sai a ambace su duka. Tunda kuma jam'i ce, aikatau ɗin da ke biye da ita na jam'i ne: Garba et al. sun nuna, ba ya nuna ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne adadin da ake fara sa ta, domin ya danganta da salo har da bugu, kuma nan ne kwaikwayon tsohon kundi ke cutarwa. A APA bugu na 6, in marubuta uku ne zuwa biyar, sai an jera su duka a ambaton farko, sannan a koma et al. daga baya. Bugu na 7 da ya fito a 2019 ya soke wannan, uku ko fiye et al. ne tun ambaton farko, amma a jerin manazarta na ƙarshe ana rubuta sunaye har 20. A Chicago bugu na 17 ana fara sa ta a bayanin ƙasan shafi daga marubuta huɗu, bugu na 18 na 2024 ya sauko da ita zuwa uku. Kin ga wadda kika kwaikwaya tana iya zama daidai a shekararta da salonta, ke kuma ki yi irin nata a ce kin yi kuskure. Shi ya sa na ce ki duba bugun, ba sunan salon kaɗai ba. Sannan ki duba jerin manazartarki, kada a ce kin sa et al. a can ma don ba ki san sauran sunayen ba. In haka ne, ki koma shafin farko na aikin ki kwafo su, domin mai jarrabawa yana ɗaukar wannan a matsayin alamar aikin bai taɓa shiga hannun ɗalibi ba.

Cf. kuwa ita ce na fi so ki nutsu a kanta, saboda kuskurenta ba na ɗigo ba ne, yana canza abin da kike faɗa. Asalinta confer, wato "kwatanta". Ɗalibai da yawa suna sa ta a madadin "duba", suna ganin ta fi kama da rubutun masana. To amma in kin rubuta cf., kina gaya wa mai karatu cewa wannan aikin ba shi ne tushen maganata ba, ka ɗauko shi ka ajiye kusa da abin da na faɗa, za ka ga wani bambanci ko wata kama da ta cancanci lura.

Ga misali daga fagenki. A ce kin rubuta cewa isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ce ta karya ayarin fatake masu zuwa Gwanja, domin goro ya koma biyo teku zuwa Legas sannan ya hau jirgi zuwa arewa. In daga Audu kika samo wannan, bayaninki sunan Audu ne da shafi, ba komai a gabansa. In kika sa cf. a gaban sunansa, kin raba kanki da tushenki, maganar ta zama ba ta da madogara, mai karatu kuma zai je wajen Audu yana neman saɓanin da babu shi. Amma a ce Bala yana ganin rauni ya kama hanyar tun kafin jirgi, tun lokacin da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja ta fara ja da baya. Nan ne wurin cf.: ki kawo Audu a matsayin madogara, sannan ki ce cf. Bala da shafi, ki ƙara rabin jimla da ke faɗin abin da za a kwatanta, misali "wanda ya danganta raunin ga faɗuwar Salaga". Cf. da aka bari tsirara ba bayani tana barin mai karatu da tambaya, kuma ranar kare kundi ke za a yi wa tambayar. Don haka ki gwada kowace da wannan: in aka ce miki "in kwatanta in ga me?", kina da amsa? In babu, ki goge ta, ko ki sa see, wato "duba", in nufinki ƙarin bayani ne. Wurinta kuma bayanin ƙasan shafi ne ko cikin baka, ba tsakiyar jimla ba.

Shawarar ƙawarki da kyakkyawar niyya ta ba ki, kuma gaskiya ne APA ba ta da ibid. Sai dai ba ke ke zaɓar salo ba, sashe ne. Kundin tarihi kuma cike yake da takardun gidan adana tarihi da hirarraki, waɗanda bayanin ƙasan shafi ya fi ɗaukar su. Ballantana sauya salon ba zai gyara komai ba, tunda kafin ki mai da kowace ibid. zuwa suna da shekara, sai kin gano wa take nufi, wanda shi ne aikin da na faɗa miki. Nan gaba, in Allah ya kai ki digiri na uku, ki koyi manhaja irin Zotero tun daga babin farko, domin in an sa madogara ta cikinta, ita ke sake lissafin irin waɗannan bayanai duk lokacin da aka matsar da rubutu. Amma ba a wata ɗayan nan ba.

Saura komawa ofishin Malam, kuma kada ki wuce wannan makon. Kada ki jira sai kin gyara babin duka. Ki gyara shafuka biyar ɗin da suka fi shan jan biro, ki ɗauki tsohon kwafin, da littattafai biyu ko uku da ya zagaye, kin sa alama a shafukan. Bayan gaisuwa ki ce masa: "Malam, na gano abin da ya faru. Da na matsar da sakin layi bayan gyaran farko, ibid. ɗin suka koma nuna wasu littattafan. Ga na da, ga wanda na gyara, ga kuma shafukan." Ba sai kin yi rantsuwa ba, ba sai kin tayar da zancen abin da ya rubuta a gefe ba, littafin da ke buɗe a gabansa ya amsa masa. Daga nan sai ki nuna masa takardar sashe ki tambaye shi ko ya yarda ki bar gajeren bayani a duk kundin, saboda gyaran da zai biyo bayan kare shi. In ya amince, ki roƙe shi ya rubuta hakan a kan kwafin, in bai amince ba ki ce to, ki bar mai da su ibid. sai daren ƙarshe. Ita kuma Malama ki kai mata jerin wuraren da kika sa cf., kowanne da rabin jimlarsa, ki roƙe ta ta duba miki su kafin ki buga kwafin da za a raba wa kwamiti. Allah ya ba da sa'a.